Juma'ar da ta ɓace daga saƙon Monsieur Amine

Sahadatou ba ta iya zama wuri ɗaya ba tun tana ƙarama a Damagaram. Ko abinci take ci ƙafarta na rawa a ƙarƙashin tebur, in ta ɗauki waya sai ta miƙe tana zagaye ɗaki. A shekarar 2003 ta zo Faransa karatu, ta yi shekara huɗu a jami'a a Villetaneuse tana haɗawa da aikin kanti ranar Asabar, ta fito da takardar aikin ofis da Faransanci mai tsabta wanda malamanta ke yabawa. Ta kama ɗaki a Bobigny, hawa na tara. A 2007 ta samu aikin sakatariya a wani kamfani a Aubervilliers mai shigo da kayan girki daga waje, tukwane da farantai da butoci, yana sayar wa kantuna a sari.

Mai gidanta a wurin aiki shi ne Monsieur Amine, shugaban sashen jigilar kaya. Ba mugu ba ne. Ya san aikinsa, kuma ranar da mahaifinta ya rasu shi da kansa ya kai ta filin jirgi. Amma in ransa ya ɓaci, abin da ya zo bakinsa shi yake rubutawa, da manyan baƙaƙe, a ƴar wayarsa mai maɓallai da ba ta barin hannunsa. Kafin zuwanta ma'aikata biyu sun ajiye aiki saboda saƙonninsa. Shi ma ya san halinsa. A watanta na uku ya tsaya bakin teburinta ya ce, "Daga yau in zan rubuta wa wani na ƙasa da ni, ke zan fara turo wa. Ki wanke shi, ki aika da sunana. Ba sai kin nuna mini ba, ba ni da lokaci."

Aka ba ta izinin shiga akwatin saƙonsa. Shi zai turo mata ɗanyen rubutun, a sama ya sa "à envoyer", wato a aika. Ita kuma ta zauna ta gyara. Takan mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, ta share alamomin tsawa da yakan jera uku uku, ta maye gurbin "kai" ɗin raini da "ku" na girmamawa. Takan cire zagi da barazana, ta cire sunayen mutanen da ya sa a kwafi don kawai a kunyata mutum a gabansu. Abin da ya rage takan jera shi uku: ga abin da ya faru, ga abin da ake so a yi, ga ranar da ake so. Ɗanyen kuma ta adana shi a wata jaka ta daban cikin ordinata, wato kwamfuta, ba ta taɓa goge ko ɗaya ba.

Wanda ya fi kowa karɓar waɗannan saƙonni shi ne Malam Salmanu, mai kula da depo, wato rumbun ajiyar kayan kamfanin, a bakin garin Lyon. Mutumin Tahoua ne, ya girme ta da kusan shekara goma sha biyar, ya fara da tuƙin motar ɗaga kaya har ya kai shugaban depo. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. A waya suka gane cewa ƴan ƙasa ɗaya ne, tun daga ranar yake ce mata ƙanwata, ita ta ce masa Yaya. Bai san tana taɓa saƙonnin ba. Sau da yawa yakan ce mata, "Wannan patron, mai gidan naku, mutum ne mai ladabi a rubuce. Ko na yi kuskure, da girmamawa yake faɗa mini." Sai ta yi dariya ta canza magana.

Ranar wata Litinin a watan Nuwamba na 2011 ta shigo ofis ƙarfe tara saura, rigar sanyinta a jiƙe da ruwan sama. Tun kafin ta zauna ta ga saƙon. Monsieur Amine ya turo shi daga tashar jirgin ƙasa. A sama ya rubuta: "Ina cikin jirgin Lyon, ƙarfe sha ɗaya zan sauka. Ya karanta wannan kafin in iso."

Ta karanta a tsaye. Palet, wato tarin kwalaye a kan katako, har goma sha takwas na tukwanen girki masu murfin matsi ya kamata su bar depo zuwa wasu kantuna a Grenoble, waɗanda suka riga suka buga talla cewa Asabar za su fara sayarwa. Kayan ba su tafi ba. Da safiyar nan masu kantunan suka soke odar gaba ɗaya. Saƙon ya kira Malam Salmanu malalaci, ya ce jaki ma da ya fahimta, ya ce shekara huɗu yana haƙuri da shi. Ya sa mai kamfanin a kwafi, ya sa Madame Nadia mai kula da harkar ma'aikata. Layi na ƙarshe ya ce wannan saƙo gargaɗi ne a hukumance. Wannan layin ta san nauyinsa, don Madame Nadia ta taɓa yi mata bayani: gargaɗi a rubuce yakan shiga fayil ɗin ma'aikaci, kuma da irinsa ake fara share hanyar kora.

Duk wannan bai tayar mata da hankali ba, ta ga wanda ya fi shi. Jimla ɗaya ce a tsakiya ta tsayar da ita: "Ranar Talata na rubuta maka ƙarara cewa kayan su fita kafin Juma'a."

Ta zauna. Ta buɗe jakar ɗanyun saƙonni, ta nemo na Talata. Ga shi nan: "In Juma'a ta same su a depo, kai ma ka tattara naka ka fita." Ta buɗe wanda ta aika. Gaisuwa, bayanin odar Grenoble, sannan: "Ina roƙonku ku tabbatar kayan sun fita da wuri-wuri." Ta karanta daga sama har ƙasa sau uku tana bin layi da yatsa a kan gilashin. Babu Juma'a.

Nan take ta tuna Talatar. Ƙarfe biyu take da alƙawari a ofishin gwamnati na Bobigny don sabunta takardar zamanta, ta yi wata biyu tana jiran ranar. Saƙon ya shigo tana sa takalmi. Ta ga barazana, ta share jimlar ɗungurungum, ta cike gurbin da kalmomin da hannunta ya saba, ta aika, ta ruga tashar bas. Juma'ar tana maƙale a cikin barazanar, ta tafi tare da ita. Shi kuwa Malam Salmanu a jadawalinsa Litinin aka ba kayan Grenoble, motar ma Litinin aka kama. "Da wuri-wuri" bai ce masa ya canza komai ba.

Ta miƙe ta je wurin injin kofi, ta danna, ta manta kofin a can ta dawo. Agogon bango ya nuna tara da kwata. Ta taga tana ganin masu dako suna tura amalanke cike da kwalaye a cikin ruwa, wata babbar mota ta tare hanya ana ta yi mata oda.

Ta fara rubutu, don hannunta ya fi kanta saurin yanke shawara. Cikin minti goma ta gama. Saƙon ya yi kyau ƙwarai. Babu jaki, babu malalaci. Ya ce an yi takaicin soke odar, ya ce da alama an samu rashin fahimta game da ranar fitar kaya, ya nemi a zauna a tattauna. Ta cire maganar Talata kwata-kwata. Ta karanta ta ga abin da ta yi: in wannan ya tafi, ba wanda zai koma ya buɗe saƙon Talata. Monsieur Amine zai isa ya yi faɗansa, Malam Salmanu mai kawaici ne, zai sunkuyar da kai ya ba da haƙuri kan abin da bai san ya yi ba. Ita kuma sunanta ba zai fito ba. Takardar zamanta da aikin nan take tafiya, kuma rasit kawai aka ba ta ranar Talata, ainihin katin bai fito ba tukuna.

Ta kai hannu kan maɓallin aikawa, sai wayar tebur ta yi ƙara. Lambar Lyon ce.

"Salamu alaikum, ƙanwata, an tashi lafiya? Ya sanyi?"

"Lafiya lau, Yaya. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Don Allah, direba ya kira ni wai Grenoble sun ce kada a kawo kaya. Kuma an ce patron yana hanya da kansa. Kin ji wani abu?"

"Yana cikin jirgi," ta ce. Ta miƙe, igiyar wayar ta ja kwalin biro ya zube ƙasa.

"Na duba saƙonsa na Talata, ban ga inda na saɓa ba. Shekara huɗu mutumin nan bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. In har ya taso da kansa, to abin babba ne. Ni dai tun ɗazu na kasa zama."

"Bari in bincika, Yaya. Zan kira ka."

Ta ajiye. Ta tsuguna tana tsince birorin ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a ƙasan fiye da yadda aikin ke buƙata. Da ta tashi ta share kyakkyawan saƙon duka.

Ta kira Monsieur Amine. Ya ɗauka, ta ce, "Monsieur, akwai abin da," layin ya yanke. Ta sake kira, ya shiga akwatin murya. Haka waya take a jirgin nan mai gudu, ta kama ta saki. Goma saura ashirin. Ta buɗe sabon saƙo zuwa gare shi shi kaɗai, ta liƙa ɗanyen na Talata a sama, wanda ta aika a ƙasa, ta rubuta: "Ban aika saƙon yau ba. Ranar Juma'a ba ta isa wurin Monsieur Salmanu ba, ni na cire ta garin gyara. Ku duba biyun nan." Ta aika kafin ta samu damar sake tunani.

Daga nan sai jira. Ta je banɗaki ta wanke hannu. Ta jera takardun da ke jere. Wata abokiyar aiki ta tambaye ta ko lafiya, ta ce kai ne ke ɗan sara mata. Goma da minti biyar wayarta ta hannu ta yi ƙara. Ƙarar ƙafafun jirgi na tashi a bayansa, alamar ya fito tsakanin tarago biyu.

"Wa ya ce ki cire Juma'a?"

"Ba wanda ya ce, Monsieur. Tana cikin barazanar, na share su tare. Kuskurena ne."

"Palet goma sha takwas, Sahadatou! Kin san wata nawa na yi ina bin mutanen nan?"

"Na sani."

Sai ya ce, "Duk da haka ki aika. Shi ba yaro ba ne. Ya ga 'da wuri-wuri', me ya hana shi ɗaga waya ya tambaya? Ki cire jakin, ki bar sauran."

"Zan iya rubuta cewa ya kamata ya tambaya, wannan gaskiya ne. Amma ba zan iya rubuta cewa kun faɗa masa Juma'a ba. Yana da saƙon a hannunsa. Madame Nadia za ta nema, kuma in maganar ta je kotun ma'aikata shi za a fara karantawa. Sunanku ne a ƙasa, ba nawa ba."

"Yanzu ke ce za ki koya mini doka?"

"A'a, Monsieur. Ku ba ni minti goma in turo muku wani. In bai yi muku ba, ku rubuta da kanku."

Layin ya yanke, wannan karon ba ta san ko jirgin ne ko shi ba.

Ta rubuta na uku. Gajere ne, kuma bai yi daɗin karatu kamar na farko ba. Ya ce masu kantunan Grenoble sun soke odar saboda kayan ba su isa kafin Asabar ba. Ya ce umarnin Talata ya kamata ya ɗauki ranar Juma'a, amma ya bar Paris ba tare da ita ba, kuma wannan ba laifin depo ba ne. Ya ce nan gaba duk umarnin gaggawa da ya zo babu rana, a kira a tabbatar a yinin. Ya ce, da bakin Monsieur Amine, zan iso depo sha ɗaya da rabi, a shirya jadawalin makon da lambar kamfanin mota, mu ga ko za a iya ceto wani abu. Babu kwafi, babu kalmar gargaɗi. Ta tura masa.

Goma da rabi, shiru. Sha ɗaya saura kwata, shiru. Ta tsaya a taga tana cizon gefen yatsa. Sha ɗaya saura minti shida amsa ta shigo, kalma ɗaya: "Envoyez," wato ki aika. Ta aika, ta zauna.

Ta ɗauka an gama. Da la'asar Malam Salmanu ya kira, gaisuwarsa a taƙaice.

"Patron ya tafi," ya ce. "Mun samu Grenoble sun yarda su karɓi rabi ranar Alhamis. Amma ba shi ya sa na kira ba. Da na tambaye shi yadda aka yi rana ta ɓace a hanya, sai ya ciro wayarsa ya miƙo mini, wai ga abin da ya rubuta da hannunsa. Na karanta. Garin mayar masa yatsana ya zame, na ga na safiyar yau ma."

Ta miƙe tsaye da wayar a kunne.

"Ashe haka yake rubutu?"

"Wani lokaci, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwana."

"To, shekara huɗu da wa nake magana ke nan?" Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sai an jima," ya ajiye.

Ita aka ba gargaɗin. Madame Nadia ta miƙa mata takardar a ambulan, ta ce a hankali da Sahadatou ba ta faɗa ba da ba wanda zai sani, Sahadatou ta sa hannu ta fito. Monsieur Amine ya sa aka rufe mata akwatin saƙonsa, ya yi mako uku yana rubutu da kansa, yana wucewa ta gabanta ba gaisuwa. A makon na huɗu, bayan wani direba ya kai ƙararsa wurin wakilin ma'aikata, ya tsaya bakin teburinta ya ce an buɗe mata. Ta ce ta yarda da sharaɗi ɗaya: duk abin da ta gyara sai ya karanta ya ce a aika. Ya yi gunaguni cewa ba shi da lokaci, ya amince. Katin zamanta ya fito a Janairu.

Malam Salmanu kuwa ya daina ce mata ƙanwata. Maganar aiki kawai, cikin Faransanci. Da bazara ya ajiye aiki, ya koma wani kamfanin jigila a can Lyon ɗin. Ta ji labarin ne daga takardar da ta biyo ta teburinta.

Sai bayan shekara guda, aka tura ta Lyon kwana biyu don ta nuna wa sabon shugaban depo tsarin takardu. Ta yi ta juya lambar Malam Salmanu a waya tun daga Paris har jirgin ya kusa tsayawa, sannan ta kira. Ya ce matarsa Hawa na dafa abincin rana, ta zo.

Gidan na hawa na uku, da sanyi ciki kamar waje. Hawa, mace mai fara'a da yawan magana, ta zuba mata tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ta ce ta ci da rigar sanyinta, injin ɗumama gidan ya lalace tun wata biyu. Malam Salmanu ya fi yadda ta zata tsawo, da furfura a gemu. Suka ci, suka yi hirar gida da tsadar tikitin Yamai. Da Hawa ta tashi ɗauko shayi, Sahadatou ta ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya goge hannu da tawul. "Na Juma'a? Wannan kuskure ne, kowa na yi. Kuma kin tsaya kin faɗa, na san abin da ya ci miki."

"Sauran fa?"

"Sauran ne na daɗe ina juyawa. Da na san mutumin na jin haushina haka, da ko na gyara abin da ke damunsa, ko na nemi wani wuri tun da sauran ƙarfina. Sai nake ta yabonsa a gaban yarana na aiki, su kuwa suna jin yadda yake musu a waya, suna kallona kamar wawa. Zagin ba na so, gaskiya. Amma da kin bar mini ɗan zafin, in san inda nake tsaye."

"Na ɗauka kare ka nake yi."

"Kin kare ni. Na yi shekara huɗu ina barci lafiya, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne." Ya ɗan yi murmushi. "Ban dai gama sanin ko godiya zan yi miki ko faɗa ba, ƙanwata. Ga shayi nan zuwa."

Hawa ta dawo da tire, a ƙarƙashin hammatarta da takarda ninke biyu. Ta ce ta ji an ce Sahadatou ta iya gyaran wasiƙa, ga wadda ta rubuta wa ofishin masu gidan kan maganar ɗumi, mijinta ya hana ta aikawa wai za a kore su. Sahadatou ta buɗe. Shafi biyu ne, layin farko ya kira su marasa imani. Ta duba agogo, saura awa ɗaya da rabi jirginta ya tashi. Ta ture farantin gefe, ta ce a ba ta biro.

"Yaushe ya lalace, ranar nawa ga wata?" ta tambaya. "Sau nawa kuka kira su?"

"Sau shida," in ji Hawa, ta jawo kujera kusa da ita. "Ki cire abin da za ki cire, amma wurin da na ce ƴata tana tari kada ki taɓa shi."